Yaya Lauwali Yana Caji

Wani direban albasa ne ya kawo wayar zuwa garin Illo, tana cikin kwalinta, an naɗe ta da leda har ninki uku kamar maganin gargajiya. Ya tsaya a ƙofar gida ya isar da saƙon baki yadda aka ba shi a Faraku, can cikin Benin.

"Lauwali ya ce a ba Inna Atika. Ya ce tata ce ita kaɗai, ta aje ta ɗakinta."

Inna Atika tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Da ta ji sunan sai ta ƙara sunkuyar da kai, ta shiga neman tsakuwar da babu. Lauwali ɗanta ne na fari, ita kuwa renon Fulanin Geza ce, inda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna kewarsa a gaban mutane. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunan ba. Idan ta kama dole sai ta ce "wancan na Faraku", shi ma a gajarce. Ya san haka sarai. Duk lokacin da ya kira ta wayar ƙanensa Sufyan, a tsakar gida ake miƙa mata, kowa ya zuba mata ido, ta ce "lahiya lau" sau biyu ta mayar. Shi ya sa ya saya mata tata, don ta rufe ƙofa ta yi masa magana kamar kowace uwa.

Sufyan ne ya karɓi kwalin, domin shi ne masanin waya a gidan, ko da yake iliminsa bai taɓa kai shi ga sayen babba ba. Ya sa layi, ya kunna, ya zauna kusa da Inna yana nuna mata. Ya shiga wurin saituna, ya gangara can ƙasa inda bayanin wayar yake, ya taɓa wurin suna. Wasu haruffa ne da lambobi da kamfani ya jera, ba mai iya riƙe su a ka.

"Inna, kin ga wanga sunan banza?" in ji shi. "Shi waɗansu wayoyi ka gani in an buɗe bulutut, ko in za a tura hoto. Kowace irinta haka sunanta yake. Sai a yi mata na kirki."

Matarsa Fauziyya ta taso daga murhu da ludayi a hannu. "To a raɗa mata suna mana. Ina ragon?"

Aka yi dariya. Sufyan ya goge haruffan kamfani, ya rubuta yana karantawa da ƙarfi: Yaya Lauwali. Ya ce ai ta haka kullum zai zama kamar yana gida. Sannan ya koma wani wuri dabam, wurin hosfot, inda waya take raba datarta ga wasu wayoyin da ke kusa. Ya bayyana cewa shi wannan sunansa dabam ne, ba ya bin na farko, sai an rubuta masa nasa. Ya sake rubuta Yaya Lauwali a nan ma, ya sa lambobin sirri, ya ce don tsaro ne kawai.

Inna ta ji abin har cikin ranta, amma me za ta ce? Ta ce a canza, a tambaye ta dalili? Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta shige ɗaki. Ranar ta yi magana da ɗanta har shinkafar ta huce a akushi. Ta tambaye shi ciwon ƙafarsa, ta tambaye shi ko matarsa ta iya tuwo yanzu, ta yi masa faɗa a kan rashin cin abinci. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce hayaƙi ne.

Washegari Sufyan ya leƙo ɗakin da fara'a.

"Inna, kawo Yaya Lauwali in kai shi caji. Kin san ba wuta."

Gaskiya ne, babu wuta, kuma shagonsa na bakin kasuwa yana da sola. Ta miƙa. Sai la'asar ya dawo da ita, da zafi kamar an ciro ta daga toka. Jibi ma haka. Gata kuwa ba ta shigo ɗakin ba sam, a kan tagar Fauziyya ta kwana, wai can ne sabis ya fi ƙarfi.

Abin da Inna ba ta sani ba da farko shi ne Lauwali yana sa wa layin data mai yawa duk wata, don kada kiran bidiyo ya yanke. Sufyan ya gano haka tun ranar suna. Ya haɗa wayarsa da hosfot ɗin, ya haɗa ta Fauziyya. Ita waya idan ta taɓa shiga sau ɗaya ta riƙe sunan da lambobin sirrin ke nan, duk inda ta hango shi sai ta maƙale da kanta ba sallama. Fauziyya ta ba ƙawarta ta bayan katanga lambobin, don zumunci. Ƙawar ta ba ƙanenta. Kafin wata ya ƙare, samarin unguwa sun gano cewa inuwar katangar gidan Inna Atika ta fi kowace inuwa daɗi a Illo. Duk wanda ya buɗe wayarsa a wurin zai ga sunan a jere, har masu wucewa suna tambaya yaushe Lauwali ya dawo.

Wani abu ne da suna. Da a ce ana cewa "wayar Inna", da duk wanda ya ɗauka zai ji a bakinsa cewa kayan wani ya ɗauka. Amma Yaya Lauwali ai yayan kowa ne. Ya zama mutumin gida, ana aikensa, ana jiransa, ana faɗa a kansa. Yaya Lauwali yana caji. Yaya Lauwali ya tafi shago. Kada a taɓa Yaya Lauwali, ana sauke fim. An saya masa riga mai ƙyalli da gilashin fuska, an haɗa shi da sifika ta bulutut yana yi wa Fauziyya waƙa tana wanke-wanke. Rigar Inna ta sallah kuwa tana wurin tela tun bara.

Ta yi ƙoƙari, kada a ce ba ta yi ba. Wata safiya ta tsaya a bakin ɗakinta ta yi gyaran murya.

"Fauziyya, ina abin nan?"

"Wane abu, Inna?"

"Wagga waya."

"Wace daga ciki? Tawa ko ta baban yara?" Fauziyya tana murmushi, ba da mugunta ba, irin murmushin wanda ya sami abin wasa. "Ki hwaɗi sunanta mana, Inna. Ai da suna gare ta."

Sufyan ya tuntsire da dariya yana ɗaure takalmi. "Bar Inna, kin san ba ta iyawa. Inna, ko kewa tai kike?"

Nan ya kashe maganar, kuma ya san ya kashe. Inna ta ce kewar wa, ita dai lokaci take son dubawa, ta juya ta koma ciki. Ita da ba ta taɓa duba lokaci a wani wuri ba in ba a inuwar rumbu ba.

Daga ranar sai wasan ya zauna a gidan. Idan ta fito ta tsaya shiru, sai wani ya ce, "Inna na son wani abu, amma ba ta hwaɗi." A yi dariya, ita ma ta yi, don ba ta san yadda ake ƙin dariyar 'ya'ya ba. Idan baƙuwa ta tambaya me ya sa wayar tsohuwa take hannun yara, amsa a shirye take.

"Ai ba ta tambaya. Da ta tambaya da mun ba ta."

Hujjoji kuwa ba su taɓa ƙarewa ba, kuma kowace da ɗan guntun gaskiya a jikinta. Ɗakin Inna yana gabas, sabis ba ya shiga sosai. Idan aka matsa wajen yamma wayar takan kama layin Benin, ta cinye kuɗi a banza, sai mai ido ya lura. Hosfot yana shan batir, saboda haka dole ta zauna kusa da caji. Ba wanda ya ce to a kashe hosfot ɗin. Data kan ƙare kafin tsakiyar wata, kiran Lauwali ya daina shigowa, ya kira Sufyan ta layi ya tambaya, Sufyan ya ce ai Inna ce ba ta iya kashe data ba, a ƙaro. Lauwali ya ƙaro.

Idan kuma kiran ya shigo, wayar tana shago ko tana hannun Fauziyya. Inna kan ji daga ɗaki.

"Lahiya lau take, Yaya. Ta ɗan kishingiɗa. In ta tashi sai in hwaɗa mata."

Tana zaune a bakin gado idonta biyu, hannunta a kan gwiwa. Tashi ta fito ta ce ga ni, a gaban surukarta, don ɗan fari? Ƙafarta ba ta taɓa yarda ba. Takan jira a kawo mata, ba a kawowa.

Ranar da ta fi mata ciwo wata Laraba ce da hantsi. Tana alwala sai ta ji Fauziyya ta ƙwala daga ɗaki.

"Wayyo, Yaya Lauwali ya mutu! Baban yara, ina caja?"

Butar ta suɓuce daga hannun Inna. Ta san batir ake nufi, ta sani tun kafin ruwan ya gama malala, amma gabanta bai daina faɗuwa ba har azahar. Ba wanda ya lura. Ranar ba ta ci tuwo ba, aka ce ai tsufa ne, ba ta son miyar kuɓewa yanzu.

Ta fara ramewa a hankali. Ta rage fitowa tsakar gida, don ko'ina ta juya sunan ne yake yawo a bakin mutane, ana jefa shi daga ɗaki zuwa ɗaki, sunan da ita ta ɓoye a ƙirjinta tsawon rayuwarsa don girmamawa. Kewar ɗanta ta dame ta ƙwarai, kuma ta rasa wanda za ta gaya wa.

Ranar kasuwar Illo ta daure ta fita sayen daddawa. A rumfar masu gari ta haɗu da Safina, wata 'yar kasuwa da ke sarin kaya tana ƙetarawa ta Tsamiya har Faraku. Safina ta riƙe hannunta ta ja ta gefe.

"Inna, ya mai jiki? Na so in biyo gida in yi muku sannu."

"Wane mai jiki?"

Safina ta saki baki. "Ba ki sani ba? Lauwali mana. Ƙahwar nan ta tashi, har sunka yi mishi aiki asibiti. Ni da idona na gane shi kwance. Ya ce kullum shina aiko miki da saƙon murya, shina gani an saurara, amma ba amsa. Inna, har kuka ya yi. Ya ce in na gane ki in roƙa mishi gahwara, ko wani laihi ya yi miki bai sani ba."

Inna ba ta sayi daddawar ba. Ta gode wa Safina, ta gyara mayafi, ta kamo hanyar gida da saurin da ta manta tana da shi. A jikin katangarta samari huɗu ko biyar suna zaune, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Suka gaishe ta ba su ɗago ba.

A tsakar gida Sufyan ya dawo cin abincin rana, yana kallon ƙwallo a wayarsa. Fauziyya tana yi wa ƙawarta kitso, sifika tana waƙa. Wayar tana kan taga cikin rigarta mai ƙyalli, igiyar caji a gindinta.

"Sufyan," in ji Inna. "An yi wa ɗan'uwanka aiki?"

Ya ɗago a firgice, ya fara sosa ƙeya. "Inna, ai don kada hankalinki ya tashi munka ɓoye. Kin san hawan jininki. Kuma ya ji sauƙi, jiya ma Fauziyya ta ji saƙonai."

"Ta ji. To madalla. Ba ni abin nan."

Fauziyya ba ta ga fuskar Inna ba, idonta yana kan kitso. Bakinta ya riga ta, ya faɗi abin da ya saba.

"Wane abu, Inna? Ki hwaɗi suna."

Inna Atika ta tsaya a tsakiyar gidanta. Ta ji kamar uwarta da kakarta suna kallonta daga Geza. Sannan ta buɗe baki, da murya sarai wadda har na bayan katanga suka ji.

"Lauwali. Ku ba ni Lauwali."

Ba wanda ya yi dariya. Sun yi watanni suna jiran wannan rana a matsayin ƙarshen wasa, da ta zo kuwa sai kowa ya rasa inda zai sa idonsa. Ƙawar Fauziyya ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso ta sulale. Sufyan ya tashi da kansa, ya zare caji, ya kashe waƙar, ya durƙusa ya miƙa wayar.

Ba ta karɓa ba. Ta zauna a kan turmi.

"Sake mata suna."

"To, Inna. Mi za a sa? Inna Tamu? Ko Hajiyar Gida?"

"Atika."

"Inna Atika ke nan."

"Ban ce Inna ba. Atika, haka nan tsuransa. Rubuta, ka karanta mini da ƙarhi kamar wancan karon."

Sufyan ya shiga saituna, ya gangara wurin bayanin waya, ya goge, ya rubuta. Karantawa ce ta gagara. Ɗa ya kira sunan uwarsa tsura a gabanta? Ya motsa baki, ya haɗiye, ya juya mata fuskar wayar, alhali ya san ba ta karanta boko.

"Ga shi nan, Inna. Na rubuta."

"Wane suna?"

"Wanda kika ce."

"Au, kai ma da wanda ba ka iya hwaɗi?" Ta kalli wayarsa da ya ajiye a tabarma, 'yan ƙwallo suna ta gudu abinsu. "Ranar suna wuri biyu ka rubuta. Ka ce na biyun ba ya bin na farko. Ni tsohuwa ce, ba kurma ba."

Ya koma wurin hosfot a sanyaye, ya goge sunan yayansa, ya sa na uwarsa, ya danna ajiyewa. Nan take 'yan ƙwallon suka daskare, ƙafa ɗaya a sama. Wayoyin gidan da na bayan katanga duk tsohon suna suka riƙe, suna ta nemansa, shi kuwa babu shi. Aka ji wani saurayi a waje yana cewa Yaya Lauwali ya ɓace, wani ya ce ga wani sabo ya fito, ya fara karantawa, ya kai rabi ya yi shiru. Lambobin sirrin ba su canza ba, duk wanda ya so zai iya taɓa sabon sunan ya sake shigar da su ya koma. Sai dai ba a sami mai ƙarfin halin da zai dangwala yatsa a kan sunan tsohuwar unguwa tana zaune a bayan bango ba.

"Yanzu kira mini shi," in ji Inna.

Sufyan ya kira ya miƙa mata, yana jiran ta shige ɗaki kamar yadda ta saba. Ba ta tashi daga kan turmin ba. Kunyar da ta rage mata ai sun riga sun karɓe.

Fuskar Lauwali ta fito, ya rame, matashi a bayansa.

"Inna? Inna, ke ce?"

"Ni ce. Ya ƙahwar?"

"Da sauƙi. Inna, mi na yi miki? Duk saƙon da na aiko shiru. In na tambayi Sufyan ko kin yi cigiyata, sai ya ce na san halinki, ko sunana ba ki ambata."

"Ba ka yi mini komi ba. Saƙonka bai iso gare ni ba, yau na ji labari a kasuwa." Ta goge ido da bakin mayafi, ba ta ce hayaƙi ne ba. "Suna kuwa, yau na ambata. A tsakar gida, gaban ƙanenka da matatai da baƙuwa."

Lauwali ya ƙura mata ido. A gidan ya tashi, ya san uwarsa. Ya san ko ranar da ya faɗa rijiya yana yaro, da ta fito da gudu tana ihu, "yaron nan" take cewa. Murmushin da ya fara yi ya tsaya a hanya, ya gyara zama a kan gadon da ƙyar.

"Inna, wa ya sa ki?"

Fauziyya ta sunkuyar da kai tana wasa da tsinken kitso. Sufyan ya fara ja da baya a hankali wajen zaure, yana cewa ya bar shago a buɗe. Inna ta bar shi har ya kai bakin ƙofa.

"Sufyan," ta ce, ta ɗaga wayar sama yadda fuskar yayansa za ta gan shi da kyau. "Dawo. Da kake kai shi caji kullum ba ka gaji ba. Ga shi nan ya cika, shina son magana da kai."